Shugaba ya soke mini harafin s: mece ce sabjantif a Turanci?

Maman Sadiƙ: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina da tambaya ga malaman Turancin gidan nan. Ni ce sakatariyar ƙungiyar iyaye da malamai a makarantar yaranmu, kuma da Turanci muke rubuta bayanin taro. A na wannan makon na rubuta: "The committee recommended that the treasurer submits the report before Friday." Da shugabanmu ya karanta sai ya soke s ɗin ƙarshen submits da jan biro, ya rubuta subjunctive a gefen takardar. Ni kuwa a ajin yamma da nake zuwa, babu abin da aka fi nanata mana kamar cewa in he ko she ko it ne ke aikin, aikatau sai da s. Ma'aji kuma mutum ɗaya ne. To ina s ɗin zai je? Don Allah a yi mini bayani a saukake, da girmana na koma karatun.

Ɗan Kwari: Wa alaikumus salam Hajiya. Ai sabjet ke nan, wato wanda ya aikata aikin a cikin jimla. A taki jimlar kwamiti ne sabjet, kuma kwamiti mutane ne da yawa, shi ya sa ba a sa s. Haka aka koya mana tun firamare.

Ɗalibin Lauya: Alhaji, ba sabjet ta tambaya ba, sabjantif ta ce, kalmomin ne suka yi kama. Kuma ba kwamiti ne zai miƙa rahoton ba, ma'aji ne. Amma ni abin da na sani da sabjantif shi ne irin "If I were you", inda ake sa were maimakon was saboda abin ba gaskiya ba ne, zato ne kawai. A jimlar Hajiya ban ga if ba. Ina jin shugaban ya gyara daidai amma ya ba gyaran sunan da ba nasa ba, don mu a takardun kotu kullum haka muke gani, ba s.

Tsohon Malami: Wa alaikumus salam. Maman Sadiƙ, dokar s da aka koya miki daidai ce, kada ki sake ta. Shugabanku ma bai yi kuskuren suna ba. Lauya, abin da ka kawo rabin maganar ne, za mu zo kansa.

Bari mu fara daga gida, domin Bahaushe ya fi Bature amfani da wannan abu nesa ba kusa ba. Ki dubi waɗannan biyu: "sun biya kuɗin" da "su biya kuɗin". Ta farko labari ce, abu ya riga ya faru, ana iya cewa gaskiya ne ko ƙarya ne. Ta biyu ba labari ba ce. Ba wanda ya biya tukuna, ana dai so a biya, ko an umarta, ko an ba da shawara. Ba za ki ce wa mai faɗin "su biya" ƙarya yake yi ba, sai dai ki ce ba ki yarda da shawarar ba. Wannan siga ta biyu, ta abin da ake so ya faru, ita ce masu nahawu suke kira sabjantif. Muna da ita cikakkiya: in tafi, ka tafi, ki tafi, ya tafi, ta tafi, mu tafi, ku tafi, su tafi, a tafi.

Turanci ma a zamanin da can yana da ita da alamominta a ƙarshen aikatau, amma alamomin sun zaizaye. Abin da ya rage shi ne a ɗauko aikatau tsurarsa, kamar yadda yake a ƙamus, ba s, ba ed, ba komai. To da yake I submit, you submit, they submit dama ba su da s, ba a ganin bambancin a wurinsu. Sai an zo kan mutum ɗaya, he ko she, sannan ido yake kama cewa wani abu ya ɓace. Shi ne abin da kika gani. Ma'ajinku bai miƙa rahoto ba, kwamiti ne ya ce ya miƙa. Saboda haka "that the treasurer submit the report".

Maman Sadiƙ: Na gode Malam, Allah ya ƙara lafiya. Na fara gani. Amma taron ai ya wuce, ranar Asabar aka yi shi, shi ya sa na sa recommended. In ba za a sa s ba, me zai hana a ce submitted tunda komai ya wuce?

Tsohon Malami: Shawarar ce ta wuce, miƙa rahoton bai wuce ba. Ki gwada da Hausa: yau kwamiti yana ba da shawara su miƙa, bara kwamiti ya ba da shawara su miƙa, gobe zai ba da shawara su miƙa. Kin ga "su miƙa" bai motsa ba ko kaɗan, lokacin yana kan aikatau na farko. Haka Turancin yake. Recommends, recommended, will recommend, duk abin da ke biye shi ne "that he submit". Wannan ma ita ce hanya ta biyu ta gane sabjantif a rubutu: ki ga labari yana tafiya a shuɗaɗɗen lokaci, kwatsam aikatau ya fito tsurarsa bayan that.

Hanya ta uku ita ce kalmar be. Am, is, are, was, duk suna komawa be. Lauya zai shaida, a taro ko a majalisa mai gabatar da ƙuduri cewa yake "I move that the meeting be adjourned", wato a ɗage zaman. Bai ce is adjourned ba, domin ba a ɗage ba tukuna, nema yake a ɗage.

Ɗalibin Lauya: Tabbas Malam, wannan kam kullum muna jin ta. Ashe ita ma sunanta ke nan. Ni na ɗauka tsohon salon lauyoyi ne kawai.

Ɗan Maraɗi: Gaisuwa ga Malam da sauran jama'a. Mu da muka yi lakwal da Faransanci wannan abu ya sha mana kai tun muna yara, don a can kowane aikatau da tasa siga, sai an haddace. "Il faut que tu sois là", dole ka kasance a nan. "Je veux qu'il parte", ina so ya tafi. Shawarata ga Hajiya mai sauƙi ce: duk inda Hausa ta ce "ya tafi" na son abu, to ta sa aikatau tsurarsa a Turanci. Da haka nake yi in ina rubuta wa abokan cinikina na Kano da Legas. "I want that he come tomorrow", ka ga an gama.

Tsohon Malami: Ɗan Maraɗi, a nan ne Faransanci zai kai ka ya baro. Kwatancenka da Hausa daidai ne, "qu'il parte" da "ya tafi" tafiyarsu ɗaya. Amma Turanci ba ya bin su ko'ina. "I want that he come" ba Turancin da masu harshen suke yi ba ne, za a fahimce ka amma za a ji baƙon kunne. Cewa ake "I want him to come". Haka "na ce masa ya zo" shi ne "I told him to come". "Kafin ya zo" shi ne "before he comes", da s ɗinsa. "Ina fata ya zo" shi ne "I hope he comes", nan ma da s. Duk waɗannan a Hausa sabjantif ne, a Turanci ba shi ba ne.

Gonar sabjantif a Turanci ƙarama ce. Sai abu biyu sun haɗu. Na ɗaya, a sami kalmar nema ko shawara ko tilastawa a gaba, irin su recommend, suggest, propose, demand, insist, request, ko a ce "it is essential" ko "it is important" ko "it is necessary". Na biyu, that ta biyo baya da jimlarta, ko da wani lokaci ana haɗiye that ɗin a magana. In biyun nan sun haɗu, sannan ne za ki juya jimlar zuwa Hausa ki saurara. Ina ba ɗalibai shawara su mai da mai aikin jam'i in za su gwada, saboda a rubuce "ya biya" na labari da "ya biya" na umarni iri ɗaya suke, sai a baki ne ake jin na labari da dogon wasali da sauti sama, na umarni gajere da sauti ƙasa. Amma "sun" da "su", ko "an" da "a", ba sa ɓuya. In kika ji "su" ko "a", aikatau tsurarsa. In kika ji "sun" ko "an" ko "suna", labari ne, dokar ajinku ta yamma ta dawo aiki.

Ɗan Maraɗi: To Malam, na karɓa a kan want. Amma fa abokan cinikin ba su taɓa kasa turo kaya ba saboda ita.

Maman Sadiƙ: Malam, tunda abin ya zo haka, ga sauran jimloli uku daga bayanin taron da nake shakka a kansu, kafin in mayar wa shugaba takardar. Ta ɗaya, iyaye sun nemi a gyara famfon makaranta, na rubuta "The parents demanded that the borehole is repaired." Ta biyu, wani uba ya kawo shawarar kada a biya mai gyaran sai ya gama, na rubuta "A parent suggested that the contractor doesn't get paid until he finishes." Ta uku kan kuɗin jarrabawa ce, hedimasta ya dage, na rubuta "The headmaster insisted that the fees were paid in March."

Ɗalibin Lauya: Bari in gwada kafin Malam ya zo. Ta ɗaya "be repaired". Ta biyu ban tabbata ba. Ta uku akwai insisted kuma akwai that, saboda haka "be paid in March". Sauƙi.

Tsohon Malami: Ta ɗaya ka ci, Lauya. "A gyara" ne, ba "an gyara" ba, don haka "that the borehole be repaired".

Ta biyu tana nuna yadda ake korewa. Mu muna cewa "kada a biya", ba ma cewa "ba a biya ba", ka ga korewar sabjantif daban take a wurinmu. A Turanci ma daban take. Ba a kiran do ko does ko did, sai a ajiye not kawai a gaban aikatau: "that the contractor not be paid until he finishes". Na san tana yi wa kunne wani iri da farko, kamar an manta kalma, amma haka take. Ki kuma lura finishes ya riƙe s ɗinsa. Shi yana ƙarƙashin until ne, shawarar ba ta hau kansa ba. Kada murnar sabon abu ta sa ki bi takarda kina soke kowane s.

Ta uku kuwa ba zan taɓa ta ba sai na yi tambaya, kuma Lauya, a nan gaggawa take da haɗari. Maman Sadiƙ, me hedimasta ya faɗa da bakinsa a taron? Cewa ya yi lallai a biya kuɗin a watan Maris, ko cewa ya yi ai an biya tun Maris?

Maman Sadiƙ: Na biyun Malam. Wasu iyaye ne suka ce sun ji ba a tura kuɗin yaransu ba, shi kuma ya rantse ya dage cewa an tura tun Maris, har ya ce zai kawo rasit.

Tsohon Malami: To jimlarki daidai take, kada ki canza ko harafi. Insist baki biyu gare shi. Akwai dagewa a kan cewa abu gaskiya ne, akwai dagewa a kan a yi abu. "Insisted that the fees were paid", ya dage an biya. "Insisted that the fees be paid", ya dage a biya. Ki duba abin da zai faru da kin bi gyaran Lauya. Bayanin taro takarda ce da ake ajiyewa, ana karanta ta a taro na gaba a amince da ita a sa hannu. Bayan wata shida in rigimar kuɗin ta taso aka ɗauko fayil, za a karanta cewa hedimasta ya nemi a biya, ma'ana a lokacin ba a biya ba. Kin rubuta akasin abin da mutumin ya faɗa, kuma da sa hannunki a ƙasa. Suggest ma haka yake. "The doctor suggested that she rest", likita ya ce ta huta. "The test suggests that she has malaria", gwaji ya nuna tana da zazzaɓin cizon sauro. Ganin kalmar kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an san abin da aka nufa.

Ɗalibin Lauya: Wannan misalin zan kai wa 'yan ajinmu. Kalma ɗaya ta juya shaida.

Anti Nas: Sannunku. Ina bin maganar daga wurin aiki, yanzu na samu hutu. Baba Malam, da girmamawa, ni ina aiki a asibiti a Ingila, kuma abin da nake ji da gani kullum bai zauna daidai da dokar nan ba. Turawan nan suna rubuta "I suggest that he takes it with food", da s ɗinsa, likitoci ne fa. Wasu kuma su sa should: "recommended that she should stay overnight". In haka ne ai jimlar Maman Sadiƙ ta farko ba kuskure ba ce, shugaban ne ya tsananta.

Tsohon Malami: 'Yata, kunnenki bai yaudare ki ba. Hanya uku ce ake bi. Amurkawa sun fi riƙe aikatau tsurarsa, a magana da rubutu. Mutanen Birtaniya suna yawan sa should, kuma suna sa s ɗin ma kamar yadda kika gani, musamman a magana da rubutun yau da kullum, ko da yake a takardun hukuma su ma suna amfani da tsurar. Shi ya sa ban ce Maman Sadiƙ ta yi ɓaranɓarama ba. Amma ga dalilin da ya sa nake bayan shugaban. Sigar s ita ce kaɗai cikin ukun da wani mai karatu zai iya ɗauka kuskure, kuma ita ce take haɗe "a biya" da "an biya" wuri guda. Tsurar da should ba mai ƙin su. Wanda "not be paid" ta yi masa nauyi a baki ya ce "should not be paid", ya huta, ma'ana ɗaya ce.

Anti Nas: Na yarda should mafita ce. Amma ni har yanzu ina ganin in masu harshen da kansu suna sa s, bai kamata a sa wa ɗalibi jan biro a kai ba. A nuna masa dai akwai wadda ta fi dacewa da takardar ofis. Jan biron nan shi yake sa manya su daina zuwa aji.

Ɗan Kwari: Ni dai should ɗin nan ta yi mini. Amma Lauya ya kawo "If I were you" tun farko an bar shi a hanya. Yarona ya taɓa gyara mini ita, na ce masa I ai was take ɗauka.

Tsohon Malami: Alhaji, yaronka ya yi daidai, kuma ita ce ɗaya rabin. Nan ma Hausa ta riga ta raba mana. Muna da "in" muna da "da". "In yana kasuwa jiya, to ya ga gobarar": ban sani ba, mai yiwuwa yana can. Wannan was ce, "If he was at the market yesterday". Amma "da yana nan, da ya taimake mu": na san ba ya nan. Wannan ita ce were, "If he were here, he would help us". Ni ba zan taɓa zama kai ba, shi ya sa "da ni ne kai" take zama "If I were you". Haka bayan wish: "I wish I were younger". Kalmar were kaɗai ce take nuna wannan a fili, kuma sai tare da I, he, she, it, tunda you da they dama were suke ɗauka.

Akwai kuma 'yan maganganu da suka daskare da sabjantif a cikinsu, duk kun san su. Shugabannin Najeriya suna rufe jawabi da "God bless the Federal Republic of Nigeria". Ba wanda yake cewa blesses, domin addu'a ce, Allah ya albarkaci ƙasa, ba labari ba. "Long live the king" kuwa ran sarki ya daɗe ne sak.

Anti Nas: A nan unguwarmu "if I was you" nake ji dare da rana, Baba.

Tsohon Malami: Ana faɗa sosai, ban musa ba. "If he was here, he would help" ma ta zama ruwan dare har a rubutu, kuma masana nahawu da yawa sun karɓe ta a maganar yau da kullum. Amma wanda zai zauna jarrabawa ko zai rubuta takardar neman aiki, were nake ce masa ya sa, musamman a "if I were you".

Ɗalibin Lauya: Malam, akwai abin da ya tsaya mini. Ta farko aikatau tsurarsa ne don ana so abu ya faru. Ta biyu were ce don abu bai faru ba kuma an san ba haka yake ba. Siga daban, aiki daban. A Hausa ma ɗaya "su biya" ce, ɗaya "da sun biya" ce, ba mu haɗa su ba. Me ya sa Turanci ya ba su suna ɗaya?

Tsohon Malami: Abin da ya haɗa su shi ne dukansu ba labarin abin da ya auku suke bayarwa ba, kuma a tsohon Turanci 'yan gida ɗaya ne. Amma tambayarka ta masana ce. Akwai manyan masu nahawun Turanci na zamanin nan da suka raba su, suka bar wa ta farko sunan sabjantif, suka ba were ɗin wani suna daban, wasu kuma suna nan kan tsohon tsari. Littafin makaranta da za ka ɗauka a nan gida galibi haɗe su zai yi.

Maman Sadiƙ: Malam, ga wata ta taso yanzu ina kwafe takardar. Shugaba ya faɗa a jawabinsa cewa yana da muhimmanci kowane yaro yana da littafin karatu. Na rubuta "It is important that every child has a reader." Ban sani ba ko yana nufin a sama wa kowane yaro, ko yana yabon cewa kowa ya riga ya samu, don an raba wasu littattafai a zangon da ya wuce amma ba su isa aji biyu ba.

Tsohon Malami: In nema yake a sama musu, "that every child have a reader". In yabon abin da ke ƙasa yake, has ɗinki ta zauna. Tunda kin ce aji biyu ba su samu ba, zuciyata ta fi karkata ga have, amma ba ni ne na yi jawabin ba. Ki kira shi ki tambaye shi da Hausa: "kowa ya samu" na an gama, ko "kowa ya samu" na a yi ƙoƙari? In kin ji amsar kya san wadda za ki rubuta.

Anti Nas: A nan Ingila has za su rubuta ko wanne yake nufi, Baba.

Ɗan Maraɗi: Mu kuwa a Faransanci bayan "il est important que" sabjantif ne dole, ko an raba littafin ko ba a raba ba. Hajiya, in kin kira shi ki dawo ki faɗa mana wanne ya ce.